Yadda Ake Tsara Jadawalin Dinar Biki Minti-Minti Domin Mai Gabatarwa

Jadawalin mai gabatarwa takarda ce da ke nuna abin da zai faru a kowane minti na liyafar aure, tun daga zaunar da baƙi har zuwa fitar ango da amarya. Ya bambanta da jerin shirye-shiryen da ake bugawa a ajiye a kan teburin baƙi. Wancan jeri yana faɗin abin da za a yi ne kawai: addu'a, shigowar amarya, yanka kek, liƙi, godiya. Jadawalin mai gabatarwa kuwa yana faɗin ƙarfe nawa kowane abu zai fara, minti nawa zai ci, wane ne zai yi shi, da kuma abin da za a sauke idan lokaci ya ƙure. Takardar aiki ce ta mai gabatarwa, wanda a wuraren biki ake kira emsi, da mai sauti, da mai hoto, da shugaban masu abinci. Ba a raba wa baƙi ita.

Misalin da za a bi a nan shi ne dinar dare a wani ɗakin taro a Kano, mai baƙi 300 a tebur 30, kowane tebur mutum goma. Alƙaluman na misali ne, amma hanyar lissafin ɗaya ce ko da dinar ta fi haka girma ko ta gaza.

Lokutan da ba sa motsi

Ana fara gina jadawali ne daga ƙarshe, a dawo baya. Dalili shi ne farkon dina yana iya ja, amma ƙarshenta yana hannun wasu. Masu ɗakin taro suna da lokacin da suke kashe janareta su rufe ƙofa, kuma galibi akwai ƙarin kuɗi idan aka zarce. Iyaye mata suna so su koma gida kafin dare ya yi nisa. Idan kuma a daren ne za a kai amarya, to akwai motoci da dangi da ke jiran ta. Saboda haka tambayar farko da mai gabatarwa zai yi wa masu biki ita ce ƙarfe nawa dole a bar ɗakin. A wannan misali amsar ita ce ƙarfe 11:00 na dare. Mutum 300 ba sa ficewa ta ƙofa ɗaya ko biyu cikin ƙiftawar ido, don haka ana ware minti 15 na watsewa. Ke nan ango da amarya su kasance sun fita da ƙarfe 10:45, kuma wannan shi ne ainihin ƙarshen shiri.

Lokaci na biyu da ba ya motsi shi ne na salla. A Kano magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:00 a watan Nuwamba, ta kai kusan 7:00 a watan Yuli, isha kuma tana biyo ta da kamar sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Duk dinar da aka sa farkonta tsakanin magariba da isha, ɗakin zai kasance rabi a cike rabi babu kowa, domin mutane da yawa sai sun yi isha suke baro gida. Mai gabatarwa yana duba lokacin isha na ranar bikin kanta, ya ƙara lokacin da tafiya za ta ci. Idan isha ta kama wajen 7:45, ana fara zaunar da baƙi da 8:15, a buɗe taro da 8:30.

Daga 8:30 zuwa 10:45 minti 135 ne. Wannan shi ne jarin da ake da shi gaba ɗaya, kuma duk abin da iyalan biyu suke so a yi dole ya shiga cikinsa.

Tattara abubuwan da za a yi

Mako guda kafin biki mai gabatarwa yana zama da wakili ɗaya daga dangin amarya da ɗaya daga dangin ango. Yawanci yayar amarya ko gwaggonta da babban abokin ango ne suka fi sanin abin da ake ciki. A wannan zama ake rubuta kowane abu tare da sunan wanda zai yi shi. Rubuta "addu'ar buɗewa" kawai ba ya wadatarwa, domin a daren za a tsaya ana waige-waige ana neman wanda zai karɓi makirufo. Ana rubuta sunan malamin, da teburin da zai zauna, da sunan wanda zai maye gurbinsa idan bai iso ba.

A nan ne kuma ake tantance sunaye da laƙabai. Wace ce Hajiya, wane ne Alhaji, wa ke da sarauta, wa ake kira Dakta ko Injiniya, kuma wa za a fara ambata. Kuskure a nan yana cin lokaci fiye da yadda ake zato, domin wanda aka tsallake sunansa zai aiko a gyara, gyaran kuma yakan zo da sabon kirari da sabon tafi. Idan gidan amarya ko na ango akwai mata fiye da ɗaya, ana tambaya tun a zaune yadda za a kira kowace uwa da wadda za ta fara shigowa. Shirin zaune ya fi na tsaye, kuma wannan magana ce da ba a warware ta a gaban mutum 300.

Abu na ƙarshe da ake fitarwa daga zaman shi ne mutum ɗaya tak da ke da ikon canza jadawali a daren. Idan babu shi, kowace gwaggo da kowane kawu za su zo kunnen mai gabatarwa da buƙatarsu, shi kuma ba zai iya ƙin kowa ba. Idan akwai shi, amsar mai gabatarwa ɗaya ce cikin ladabi: "Hajiya, a yi haƙuri a sanar da Anti, da ta ba da izini za a yi."

Auna mintunan kowane abu

Mafi yawan jadawalin da ke rushewa suna rushewa ne saboda an rubuta tsawon abu da ka, ba a lissafa ba. Ƙa'idar ita ce a ƙirga mutane, a auna lokacin mutum ɗaya, a ninka, sannan a ƙara lokacin tasowa da komawa.

Shigowar ƙawaye da abokai misali ne mai sauƙi. Idan ƙawayen amarya 12 ne, abokan ango 12, kuma za su shigo bibbiyu suna taka rawa, kowane biyu na cin kamar daƙiƙa 30 daga ƙofa zuwa gaban dandamali. Wannan minti 6 ne. Ango da amarya suna tafiya a hankali, doguwar riga tana jan ƙasa, masu hoto suna tsayar da su, don haka ana ba su minti 5 su kaɗai.

Jawabai suna da nasu lissafin. Wanda aka ce ya yi minti uku sai ya taso daga kujera, ya gyara babbar riga, ya iso, ya yi sallama, ya gaida manya, kafin ya shiga maganar da aka kira shi dominta. Saboda haka ana faɗa wa mai jawabi adadi ɗaya, a rubuta wanda ya fi shi a jadawali. Mai nasiha a ce masa minti biyar, a rubuta 7. Mai jawabin maraba a ce masa uku, a rubuta 5.

Abinci ne ya fi komai yaudarar masu tsarawa. Idan za a kai wa baƙi a tebur, ana tambayar masu abinci ma'aikata nawa za su zo da su. Ma'aikata goma a tebur 30 na nufin kowane ɗaya yana da tebur uku. Idan tebur ɗaya yana cin minti biyar, tsakanin kai faranti da komawa ɗauko lemo da ruwa, rabon abinci minti 15 ne. Idan kuwa baƙi ne za su tashi su bi layi a zuba musu, lissafin ya canza sarai. Mutum ɗaya yana ɗaukar kamar daƙiƙa 30 a gaban masu zubawa, mutum 300 a layi ɗaya ke nan minti 150, wato fiye da tsawon dinar duka. Sai an buɗe layi huɗu kafin abin ya sauko zuwa kusan minti 38, kuma a lokacin mai gabatarwa ne zai riƙa kiran tebura da lamba don kada kowa ya tashi lokaci guda. Wannan tambaya ɗaya, a tebur ko a layi, tana iya canza fasalin jadawali gaba ɗaya.

Hotuna ana ƙirga su rukuni-rukuni. Kiran rukuni, hawowarsu dandamali, jerawa, ɗauka da sauka suna cin kamar minti biyu idan an kira rukuni na gaba ya tsaya a gefe yana jira. Rukuni goma minti 20 ne. Tunda baƙi suna buƙatar kusan wannan lokaci su ci abinci, ana ɗora hotunan a kan lokacin cin abinci, abu biyu su tafi tare.

Rawa da liƙi ana raba su gida-gida: dangin amarya, dangin ango, ƙawaye, sai abokai. Kowane rukuni minti biyar a fili, da minti biyu na share fili da kiran na gaba, jimilla 28. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira da taka su a wurin biki, shi ya sa masu biki da dama suke ajiye kwando ko faranti a gaban amarya a riƙa sakawa a ciki. Wannan yana taimaka wa jadawali ma, domin ba a tsayawa tsintar kuɗi a ƙasa tsakanin rukuni da rukuni.

Jadawalin kansa

Da aka haɗa abubuwan wannan dina sun kama minti 120. An bar sauran minti 15 a matsayin rara, aka kasa su uku. Ga yadda jadawalin ya fito:

8:15 zuwa 8:30, zaunar da baƙi, sauti a ƙasa
8:30 zuwa 8:33, sallama da maraba daga mai gabatarwa
8:33 zuwa 8:36, addu'ar buɗewa
8:36 zuwa 8:40, shigowar iyaye mata
8:40 zuwa 8:46, shigowar ƙawaye da abokai
8:46 zuwa 8:51, shigowar ango da amarya
8:51 zuwa 8:56, jawabin maraba
8:56 zuwa 9:02, tarihin amarya da na ango
9:02 zuwa 9:07, rara ta farko
9:07 zuwa 9:22, rabon abinci
9:22 zuwa 9:42, cin abinci da hotuna
9:42 zuwa 9:48, yanka kek
9:48 zuwa 9:55, nasiha
9:55 zuwa 10:00, rara ta biyu
10:00 zuwa 10:28, rawa da liƙi
10:28 zuwa 10:33, rara ta uku
10:33 zuwa 10:37, jawabin godiya
10:37 zuwa 10:40, addu'ar rufewa
10:40 zuwa 10:45, fitar ango da amarya
10:45 zuwa 11:00, watsewa

A takardar da mai gabatarwa zai riƙe, kowane layi yana da ƙarin gurbi uku. Na farko sunan wanda zai yi abin. Na biyu abin da mai sauti zai yi: waƙar da zai saka, ko ya rage sauti, ko ya kashe ɗungurungum kamar lokacin addu'a. Na uku abin da ya kamata a shirya a lokacin domin layin da ke biye. Wannan gurbi na uku shi ne ke hana shiru mai tsawo tsakanin abu da abu. A layin 8:33, yayin da malam ke addu'a, an rubuta cewa iyaye mata su kasance a bakin ƙofa. A layin 9:22 an rubuta cewa da ƙarfe 9:38 a matso da teburin kek, a tabbata wuƙa tana kai. A layin 9:07 an rubuta cewa a fara kai wa ango da amarya nasu abincin, domin da an shiga hotuna ba za su sake samun sukunin ci ba.

Akwai dalili a yadda aka jera abubuwan. An sa abinci kafin 9:30 domin baƙon da ke jin yunwa ba ya sauraron jawabi. An sa nasiha kafin liƙi domin da zarar an buɗe fili mutane sun miƙe, da wuya a sake zaunar da su su yi shiru na minti bakwai. An ajiye kowace rara a bayan abin da ya fi yawan zarcewa, wato bayan jawabai, bayan nasiha, da bayan liƙi. Idan ba a zarce ba, mai gabatarwa yana cike rarar da gaida manyan baƙi ko ɗan barkwanci, ko kuma ya wuce gaba ya adana mintunan.

Idan amarya ta makara

Makarar amarya ita ce matsalar da ta fi kowace yawa, kuma sababinta a bayyane yake: kwalliya da ɗaurin ɗankwali, hotunan da ake ɗauka kafin a fito, da cunkoson hanya. Mai gabatarwa ba ya jira sai 8:46 ta yi kafin ya san halin da ake ciki. A jadawalinsa akwai layin da ke cewa da ƙarfe 8:10 a kira babbar ƙawa. Tambayar da ake yi mata ita ce ko amarya ta shiga mota, domin "ga mu nan tafe" amsa ce da ake bayarwa ko da mai kwalliya ba ta gama ba. Idan daga gidan zuwa ɗakin taro tafiyar minti 25 ce, amaryar da ba ta shiga mota da 8:15 ba ta riga ta makara.

Tun a wurin tsarawa ake sa wa kowane layi alama iri uku. Akwai abin da ba ya yiwuwa sai ango da amarya suna wurin, kamar hotuna, kek, nasiha da liƙi. Akwai abin da za a iya yi ba su, kamar jawabin maraba da rabon abinci. Akwai kuma abin da za a iya ragewa ko a sauke shi, kamar tarihi da wasu rukunin hotuna.

A ce amarya za ta iso a makare da minti 30, wato ta shigo 9:16. Bayan shigowar iyaye mata da 8:40, mai gabatarwa yana jawo jawabin maraba ya yi shi zuwa 8:45, sannan a raba abinci daga 8:45 zuwa 9:00. Baƙi suna cikin ci har 9:10, lokacin da ƙawaye da abokai za su fara shigowa. Ango da amarya sun zauna da 9:21. Abubuwan da suka rage sun kama minti 79, wanda ke kai shiri zuwa 10:40. Makarar minti 30 ta ci minti goma kacal daga rara, ba a sauke komai ba. Sharaɗin wannan dabara shi ne a faɗa wa masu abinci tun da wuri cewa abinci ya kasance a shirye da 8:30, ko da jadawali ya ce 9:07.

Idan makarar ta kai sa'a guda, ango da amarya za su zauna da 9:51, saura minti 54, alhali ana buƙatar 79. Dole a cire 25. Ana rage hotuna daga rukuni goma zuwa biyar, an samu 10. Ana sauke tarihi, an samu 6. Ana haɗe ƙawaye da abokai a fili ɗaya, an samu 7. Ana taƙaita yanka kek zuwa minti huɗu, an samu 2. Ba a taɓa filin dangin amarya ko na dangin ango, domin rage ɗaya a bar ɗaya yana haifar da ƙorafin da zai daɗe bayan biki. Wannan jerin abin da za a sauke, wakilan iyalan biyu sun amince da shi tun a zaman farko, don haka babu mai cewa an yi masa ba zata.

Riƙe jadawali a daren

Ana buga kwafi aƙalla biyar da manyan haruffa, domin hasken ɗakin dina ba ya wadatar karanta ƙananan rubutu. Ɗaya na mai gabatarwa, ɗaya na mai sauti, ɗaya na masu hoto da bidiyo, ɗaya na shugaban masu abinci, ɗaya na wakilin iyali. A saman kowane kwafi ana rubuta ranar da aka yi gyaran ƙarshe, don kada wani ya zo da tsohon da aka tura masa a waya kwana uku da suka wuce.

Mai gabatarwa yana isa ɗakin aƙalla sa'a ɗaya kafin a fara zaunar da baƙi. Yana gwada makirufo biyu da sababbin batura, ya saurari farkon kowace waƙar shigowa tare da mai sauti, ya taka daga ƙofa zuwa dandamali yana duba agogo don ya tabbatar da lissafin daƙiƙa 30. Yana tambayar masu ɗakin ko a janareta za a fara tun farko, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar shigowar amarya tana cin mintuna kafin sauti ya dawo.

Yana kuma buƙatar mataimaki mai riƙe agogo, wanda ke rubuta ainihin lokacin da kowane abu ya fara a gefen wanda aka tsara. Da wannan ake gane matsala tun tana ƙarama. Idan tazarar ba ta wuce minti biyar ba, rara ta gaba za ta shanye ta. Idan ta kai goma, ana rage abu na gaba da ke da alamar ragewa. Idan ta kai 15, rara ta ƙare, sai a sanar da wakilin iyali a fara saukewa bisa jerin da aka amince da shi. Mai jawabin da ya zarce ba a katse shi da baki, musamman idan dattijo ne. Mai gabatarwa yana matsowa kusa da shi a hankali ya tsaya, idan ya kai ƙarshen jimla sai ya karɓe da "Allah ya saka da alheri, Baba," ya nemi a yi masa tafi.

Wurare uku ne mai gabatarwa ke auna daren da su: shigowar amarya da 8:46, fara rabon abinci da 9:07, da buɗe filin liƙi da 10:00. Sauran layukan suna iya matsawa gaba ko baya da 'yan mintuna ba tare da wata illa ba. Idan an buɗe filin liƙi da ƙarfe 10:05 ko kafin haka, dinar za ta tashi da 10:45 ba tare da an sauke komai ba.